Dikoda ɗaya, ayyuka biyu: waɗanne aisi ya dace a saya?

Duk wanda ya ga zanen haɗin da ke fitar da ayyuka biyu daga dikoda ɗaya a takarda zai ɗauka babu wani abin zaɓi a cikinsa. Dikoda mai mashigai uku da mafitai takwas tana kunna mafita ɗaya tak ga kowane haɗi na mashiganta, saboda haka idan ana son wani aiki ya ba da 1 a wasu layuka na jadawalinsa, sai a kwashi mafitan waɗannan layukan a zuba su cikin ƙofar OR. Aiki na biyu ma haka, da tasa ƙofar, kuma babu laifi idan ƙofofin biyu sun ɗebi mafita guda, domin dikodar ba ta damu da mai sauraronta ba. Wahalar tana farawa ne lokacin sayen kaya, domin dikodar da ke cikin zane da wadda aka fi samu a hannun masu sayarwa ba halinsu ɗaya ba.

Zan yi kwatancen ne da misali ɗaya, wato da'irar ɗebewa mai mashigai X, Y da Z, inda ake cire Y da kuma aron da ya shigo, Z, daga X. Mafitanta biyu ne, saura D da sabon aro B. Idan aka ɗauki X a matsayin babban gurbi, Z kuma ƙarami, aka lambata layukan jadawalin daga 0 zuwa 7, m1 ta zama layi na 1, m2 layi na 2, haka har gaba, ayyukan su ne:

```
D = m1 + m2 + m4 + m7
B = m1 + m2 + m3 + m7
```

Kowane aiki yana da layuka huɗu, kuma uku daga ciki, m1, m2 da m7, na tarayya ne.

Abin da nake saya, kuma nake ba kowa shawararsa, shi ne aisi biyu, dikodar 74HC138 tare da 74HC20. Mai karatu zai ce ai 74HC20 ƙofofin NAND ne guda biyu masu mashigai huɗu-huɗu, ina OR ɗin da aka ce? Amsar tana cikin halin 74HC138: mafitanta a kife suke, wato mafitar da aka zaɓa ce take sauka 0, sauran bakwai suna zaune a 1. Ƙofar NAND kuwa tana ba da 1 da zarar ko da mashiga ɗaya tata ta sauka 0. Idan aka haɗa waɗannan biyun, NAND tana cewa 1 duk lokacin da aka zaɓi ɗaya daga cikin layukan da aka kai mata, kuma wannan shi ne ainihin aikin OR, kamar yadda dokar De Morgan ta nuna. Ba dabarar kauce wa matsala ba ce. Ita ce OR ɗin da ta dace da irin wannan dikoda.

Haɗin kuma gajere ne. A 74HC138, ƙafa ta 1, ta 2 da ta 3 su ne mashigai A, B da C, wannan B ɗin ba shi ne B na aro ba, kuma A ce ƙaramin gurbi, don haka Z take zuwa ƙafa ta 1, Y ta 2, X ta 3. Ƙafa ta 4 da ta 5 za a kai su GND, ta 6 kuma VCC, in ba haka ba dikodar ba za ta farka ba, mafitanta takwas su tsaya a 1, D da B kuma su maƙale a 0. Mafitan suna jere ne daga Y0 a ƙafa ta 15 suna gangarowa har Y6 a ƙafa ta 9, sai Y7 da ta ware kanta a ƙafa ta 7, a ɗaya gefen, wurin da ido ke yawan tsallakewa. Domin D, a ɗauki ƙafafu 14, 13, 11 da 7 a kai su ƙafafu 1, 2, 4 da 5 na 74HC20, a karanta sakamako a ƙafa ta 6. Domin B, a ɗauki 14, 13, 12 da 7 a kai su 9, 10, 12 da 13, a karanta a ƙafa ta 8. Aisi biyu ke nan, babu ƙofar da ta rage a banza, kuma sigina yana ratsa ƙofa ɗaya kawai bayan dikoda.

Wanda ya nace sai ya ga OR ta zahiri, kamar ɗalibin da aka umarce shi ya haɗa abin da ke cikin zane daidai, dikodarsa ita ce 74HC238. Jerin ƙafafunta ɗaya ne da na 74HC138, sai dai mafitar da aka zaɓa ce take hawa 1. Abokiyar tafiyarta da ta fi sauƙin samu ita ce 74HC32, mai ƙofofin OR huɗu masu mashigai biyu-biyu, kuma a nan lissafi yake shigowa. Haɗa layuka huɗu yana cin ƙofofi uku, ayyuka biyu suna cin shida, wato aisi biyu. Amma a misalinmu tarayyar nan ta yi rana: ƙofofi biyu sun isa su haɗa m1, m2 da m7 sau ɗaya, ta uku ta ƙara m4 ta fitar da D, ta huɗu ta ƙara m3 ta fitar da B, sai 74HC32 guda ta wadatar. Na yarda wannan yana da kyau, amma sa'a ce ta wannan misalin. A da'irar tarawa, inda jimla take m1, m2, m4, m7, abin riƙewa kuma m3, m5, m6, m7, layi ɗaya kawai ake tarayya a kai, kuma dole a koma ƙofofi shida. Kafin a saya, a rubuta layukan ayyukan biyu a ƙirga na tarayya tukuna.

CD4072 tana da OR biyu masu mashigai huɗu-huɗu kuma tana dacewa da zane tsaf, amma a bolt 5 nawa gare ta idan aka gwada da dangin HC. 74HC154 dikoda ce mai mafitai goma sha shida da ƙafafu 24, rabinta zai tafi a banza. 74HC139 sai an haɗa rabinta biyu da ƙofar juyawa kafin ta zama abin da 74HC138 take tun daga masana'anta, kuma ban ga dalilin wannan wahalar ba.

Abin da ya sa nake tsananta wa batun 138 da 238 shi ne na taɓa ƙonewa a kai. Na nemi 74HC238, aka ba ni kaya a leda mai ɗauke da wannan lambar, na haɗa da ƙofofin OR, na sa 'yar fitila da rasista a kan D da B. Fitilun biyu suka kama, suka ƙi mutuwa, duk yadda na juya makunnai. Na kwance wayoyi na sake haɗawa har sau biyu kafin na kawo aisin kusa da haske na ga 138 ce a rubuce a bayanta. Dalilin alamar a fili yake: a 138 mafita ɗaya ce kawai take 0 a kowane lokaci, don haka OR mai kallon layuka huɗu ba za ta taɓa rasa aƙalla uku da ke a 1 ba. Duk wanda ya ga sakamakonsa biyu sun maƙale a 1 kada ya taɓa waya sai ya karanta lambar dikoda.

Ni dai kuskuren leda ne ya same ni, amma akwai abin da ya fi haka muni, wato aisin da aka goge lambarta aka buga wata, ko wadda aka ciro daga tsohon allo aka miƙe ƙafafunta aka sayar a matsayin sabuwa. Da yake 138 da 238 jikinsu ɗaya, ƙafafunsu ɗaya, babu abin da ido zai bambance su da shi in ba rubutun ba, rubutu kuwa shi ne abin da ya fi sauƙin canzawa. A duba ƙafafu ko akwai ragowar dalma ko alamar lanƙwasa, a duba saman ko ya yi kaushi ko baƙinsa ya bambanta da na gefe, a kuma yi shakkar tarin da kamanninsu suka sha bamban alhali lambar bugunsu ɗaya. Amma gwajin da ba ya ƙarya shi ne na mita. A ba aisin wuta a ƙafa ta 16 da ta 8, a kunna ta ta ƙafafu 4, 5 da 6, a kai A, B da C duka GND, sannan a auna ƙafa ta 15. Idan ta nuna kusan sifiri sauran suna kusa da bolt 5, 138 ce. Idan ita kaɗai ce a sama, 238 ce. Daga nan a bi haɗe-haɗen takwas ɗaya bayan ɗaya, domin aisin da aka ciro daga wani wuri tana iya yin daidai a bakwai ta mutu a ɗaya. Haruffan tsakiya ma a karanta su. Mafitar 74LS138 ba ta da tabbacin hawa sama da bolt 2.7, mashigar HC kuwa tana son wajen bolt 3.5 idan wutar bolt 5 ce, saboda haka wanda aka miƙa masa LS a madadin HC da cewa duk ɗaya ne zai iya samun da'irar da take aiki yau ta ƙi gobe. Idan dole sai an gauraya, ƙofar ta zama 74HCT20.

Akwai kuskure ɗaya da ake ɗora wa kaya alhali na mai haɗi ne, kuma shi ya sa na zaɓi ɗebewa a kan tarawa. Idan aka juya mashigai, X ta tafi ƙafa ta 1, Z ta tafi ta 3, D zai ci gaba da fitowa daidai, domin bai damu da wace mashiga ce ta zama 1 ba, yawansu kawai yake ƙirgawa. B kuwa zai koma ba da 1 a layuka 2, 4, 6 da 7 maimakon 1, 2, 3 da 7. A da'irar tarawa wannan kuskuren ba ya bayyana ko kaɗan, sai ranar da aka sauya aiki.

Iyakar zaɓina ita ce layuka huɗu ga kowane aiki. Idan aiki yana da uku, a kai mashigar NAND da ta rage VCC, ba a barin ta a sake. A OR kuwa GND ake kai ta. Idan yana da biyar ko shida, ba sai an nemi 74HC30 mai mashigai takwas ba: a ɗauki layukan da aikin yake 0, waɗanda ba za su wuce uku ba, a kai su ƙofar AND ta 74HC21, mashigar da ta rage ita ma VCC, domin a 138 AND tana sauka 0 ne kawai idan aka zaɓi ɗaya daga cikinsu. Ko wanne aka saya, a tuna cewa lokacin da mashigai suke sauyawa, misali daga layi na 1 zuwa na 3, Y1 tana iya sakin hannu kafin Y3 ta kama, sai B ya ƙifta zuwa 0 na ɗan lokacin da fitila ba za ta nuna ba amma maƙirga za ta ƙirga shi. Saboda haka D da B ba sa zuwa mashigar agogo kai tsaye, kuma a cikin jerin sayayya a ƙara kafasita mai 100 nF guda biyu, ɗaya tsakanin VCC da GND na kowace aisi.