Manhajar haɗa lissafin shago: agogon Landan ya kusa raba ni da yarona

Tun Janairun 2025 nake biyan kuɗin wata manhaja da ke kwaso cinikin shagon atamfarmu na Daura ta zuba a babban lissafin da ke Katsina, kullum ƙarfe 1:30 na dare. Sai da wata tara ya wuce na san wannan 1:30 ɗin na Landan ne.

Ranar Lahadi 26 ga Oktoba na duba waya da asuba, na ga cinikin Asabar a Daura ya kai naira 840,000, turmi 28. Yaron shago kuma 420,000 ya turo. Na kira shi na faɗa masa maganar da har yau nake jin kunyarta. Shi dai cewa yake, "Wallahi Alhaji turmi 14 na sayar, a zo a ƙirga."

Ƙanena da ya saita mana abin ne ya buɗe rajistar ayyuka. Aikin ya tashi sau biyu, 00:30 da 01:30 a agogon UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, kowane rasidi ya shiga sau biyu. Birtaniya tana mayar da agogonta baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba: ƙarfe 2:00 na cika sai a koma 1:00, don haka 1:30 ta zo sau biyu a daren. Mu a Najeriya agogonmu ba ya motsi, awa ɗaya yake gaban UTC rani da damina, to ina zan kawo wannan a raina?

Nan na tuna ƙaramar Sallah, 30 ga Maris. Cinikin jajiberi, wanda ya fi na kowace rana, bai shigo ba sam, muka ɗora wa sabis laifi muka shigar da hannu. Ashe a daren agogonsu ya tsallaka daga 1:00 zuwa 2:00. Babu 1:30 ɗin balle aiki ya tashi, na washegari kuma cinikin jiya kawai yake ɗauka.

Gyaran bai ci minti biyar ba. Akwai wurin zaɓen yankin lokaci can cikin saiti, an bar shi a Europe/London, ya mayar Africa/Lagos. Masu kula da kwastoma sun amsa da wuri, sun goge rasidan da suka maimaitu, har na fara cewa tauraro huɗu zan ba su.

Amma da na sake tunani, a'a. Da lambar Najeriya na yi rajista, da naira nake biya, me ya hana su tambaye ni yankina? Kuma manhajar da za ta karɓi rasidi mai lamba ɗaya sau biyu ba ta ce uffan ba, ko da agogo daidai wata rana za ta sake ninka min lissafi. Wannan har yanzu ba su gyara ba. Tauraro biyu. Har Daura na je na ba yaron haƙuri a gaban mahaifinsa, kuɗin man ma daga aljihuna.