Lissafin Ruwa ko na Ostwald: Wanne Ya Dace da Fenti a Bututu?

"Jama'a, zan tura fenti ta bututu daga tanki zuwa wurin cika gwangwanaye. Lissafin ruwa da muka koya a makaranta zai wadatar, ko fenti na da nasa?"

Malam, ka ɗauki dokar Ostwald da de Waele. A abu ɗaya ruwa da fenti suka yi tarayya: ƙarfin gogayya tsakanin sassan abin da ke gudana sifili ne a tsakiyar bututu, yana ƙaruwa daidai wa daida har ya kai ƙololuwa a bango. Inda suka rabu shi ne yadda kowanne ke amsa wannan ƙarfi. Kaurin ruwa ba ya canzawa, amma fenti yana tsinkewa gwargwadon yadda aka matsa masa.

```
τw = D·ΔP / (4L)
τ = K·γ̇^n
umax / V = (3n+1) / (n+1)
```

A nan τw gogayya ce a bango, D faɗin bututu, L tsawonsa, ΔP kuma bambancin matsi tsakanin bakunansa biyu. Layi na biyu shi ne dokar kanta: τ gogayya, γ̇ saurin zamewar sassa a kan juna, K ma'aunin kauri, n kuma ma'aunin tsinkewa. umax gudun tsakiya ne, V matsakaicin gudu. A ruwa n ɗaya ne, don haka gudun tsakiya ninki biyu ne na matsakaicin gudu. A fenti mai n na 0.5 ninki 1.67 ne kawai, domin tsakiyar tana tafiya kusan a dunƙule, na gefen bango kuma ya tsinke yana zame mata. Rabin hanya tsakanin tsakiya da bango, ruwa na riƙe da kashi 75 cikin ɗari na gudun tsakiya, fentin kuwa kashi 87.5.

Da wannan lissafi na gyara layin shagona, kuma har gobe ina jin daɗinsa. Bututun milimita 25 ne, tsawonsa mita 10, fentin ya ba ni K kusan 5 da n kusan 0.5. Matsin faskal 80,000 ya ba da gogayyar faskal 50 a bango, lissafi ya nuna lita 7.4 a minti, kuma da na tara bokiti na duba agogo, kusan haka na samu. Da aka ninka matsin, abin da ke fita ya kusa ninkawa huɗu, inda lissafin ruwa zai ce biyu.

Lissafin ruwa dai na ruwa ne. Shi ya sa na taɓa sayen famfo mai farfela, ya yi ta zafi fenti na ɗiga, har na koma ga mai haƙora.

Dokar tana da iyaka. Tana aiki ne idan gudun na natse ba hargitsi, kuma a tsakiyar bututu tana nuna kauri marar iyaka, wanda ba gaskiya ba ne. Shi ya sa a jini, inda jajayen ƙwayoyi ke jeruwa kamar tsabar kuɗi idan gudu ya ragu, da yawa suka fi amfani da lissafin Casson.

Ka kula da masu sayar da famfo, domin litar da ke rubuce a jikinsa da ruwa aka auna ta, wasu kuma ba za su faɗa maka ba. Wanda ya ba ka lambar kaurin fenti guda ɗaya, ka tambaye shi a wane gudu aka auna. Ka sa a auna naka a gudu uku ko huɗu kafin ka biya kuɗin famfo.