Koko, sobolo ko garin tombrawun: wanne ya dace da uwa mai zaman gida a Kumasi?

Kafin ki taɓa kuɗin susunki, ki auna kowace sana'a da tambaya biyu: shin tana ɗaure ki da wani lokaci, kuma kwana nawa kayan ke yi kafin su lalace?

Koko da ƙosai suna kawo ciniki kullum a Aboabo da Asawase, amma tashin asuba ne, kuma lokacin sayarwa ya faɗo daidai da shirya yara makaranta. In kina da goyo kuma babu mai taya ki, ki bar shi.

Sobolo ya fi sassauci, don kina iya dafawa da dare bayan yara sun yi barci. Jarinsa firiza ne. Ki nemi na kwance mai murfi a sama, domin ya fi na tsaye riƙe sanyi idan ECG ta ɗauke wuta. Cikakken firiza da ba a buɗewa yakan kai kwana 2 da sanyinsa, wanda yake rabi kuwa kamar kwana 1, shi ya sa ake cike gurbin da robobin ƙanƙara. Rabin kilo na busasshen sobolo da citta da kanumfari yakan ba da kusan lita 10, wato roba 30 masu mililita 300 da ɗan ragi. A ce kayan haɗi da robobi sun ci sidi 90, kin sayar a sidi 5, kin samu 150. Ragowar 60 ba duka ba ne riba, sai kin cire kuɗin wuta da abin da yara suka sha da bashin maƙwabta. Idan murfin roba ya kumbura ko sobolon ya yi kumfa da tsami, ya fara ruɓewa, kuma abin da kan jawo hakan shi ne ɗanyen ruwan abarba da aka zuba ba a tafasa ba, ko tsohuwar roba marar wanki. Burkina, abin shan nan na gero da nono, ta fi wannan haɗari saboda nonon, kada ki fara da ita.

A ganinmu, mai ƙaramin jari ta fara da garin tombrawun. Ki soya masara da waken soya da gyaɗa daban-daban, don ba sa nuna lokaci ɗaya, ki kai injin unguwa, sannan ki baza garin ya huce sarai kafin ki ƙulla. In kika ƙulla da zafi, gumi zai taru a leda, garin ya dunƙule ya yi fumfuna. Gyaɗa in ta yi yawa, man gyaɗar yana sa garin wari da wuri, don haka ki gwada da olonka 2 na masara tukuna. Ba ruwanki da wutar firiza, amma kuɗin ba ya dawowa da sauri kamar na sobolo. Ki tallata a WhatsApp, a biya ta MoMo kafin mai pragiya ya ɗauka.

Mai sayar da abinci tana buƙatar takardar gwajin lafiya ta majalisar yankinta, kamar KMA ta birnin Kumasi, kuma ranar da za ki manna suna a leda ki kai shaguna, sai da rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna.