Firji ko firiza: ina ya fi dacewa da burodi?

Masu gasa burodi a unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra suna yawan tambayata: firji ko firiza?

Firji yana jinkirta funfuna a damina, amma sanyinsa na digiri 4 yana sa sitacin burodi ya yi saurin taurara. Kwana biyu, sai ka ga yana marmashewa.

Firiza kuwa, a digiri 18 ƙasa da sifiri, tana tsayar da wannan taurarar kusan wata uku. Bari burodin ya huce sarai, yanka shi, ɗaure a leda biyu. Matsalarta ɗauke wuta: in ya narke ya sake daskarewa, raɓa ta jiƙa shi, ya yi danƙo.

Mai gasa yankansa kafin ya ci, firji ya ishe shi. Mai ajiyar makonni da tsayayyar wuta, firiza ce tasa.