Matsakaici ko layin tafiya: wanne za ka dogara da shi wajen kasafin talla?

"Ina sayar da kayan sola a Ƙofar Ƙaura, ina talla a Facebook. Waɗanda suka tuntuɓe ni daga Janairu zuwa Yuni: 80, 90, 95, 110, 115, 130. Kuɗin tallan: naira 40,000, 46,800, 52,250, 63,800, 69,000, 81,900. Wani ya ce in ɗauki matsakaici, wani ya ce FORECAST. Wanne zai nuna mini Yuli zuwa Satumba a Excel?"

Malam, fara da shimfiɗa takardar. A layin A sa lambar wata, 1 zuwa 9, daga A2 zuwa A10. Kada ka rubuta sunan wata a nan, domin fomular lamba take buƙata. Masu tuntuɓa su zauna a B, kuɗi a C.

Matsakaici yana ɗauka cewa gobe za ta yi kama da jiya. Ka haɗa wata uku na ƙarshe ka raba uku:

```
=AVERAGE(B5:B7)
```

Zai ba ka 118 a wata, wato mutum 355 a wata uku, da kuɗin talla naira 214,700. Hanya ce mai kyau ga wanda lambobinsa ke hawa da sauka a wuri guda. Amma naka hawa suke yi kowane wata, shi ya sa matsakaicin ya faɗo ƙasa da abin da ka riga ka samu a Yuni.

Layin tafiya kuwa yana auna yawan ƙarin da ake samu, ya ci gaba da shi. A B8 ka rubuta wannan, ka ja shi zuwa B10:

```
=FORECAST.LINEAR(A8,$B$2:$B$7,$A$2:$A$7)
```

Idan Excel ɗinka ya girmi na 2016, FORECAST kawai za ka rubuta. Lura B ce ke gaba, A na biye. Idan ka juya su ba zai yi ƙorafi ba, amsar banza kawai zai ba ka. Ya ga kana ƙara kusan mutum 10 a wata, don haka zai ce 137, 147, 157. Jimla 441, tazarar mutum 86 ke nan tsakaninsa da matsakaici.

Ba sai ka yarda da maganata ba, ka gwada su da abin da ka riga ka sani. Rufe Mayu da Yuni, ka ba kowacce hanya wata huɗu na farko. Layin zai ce 118 da 127, gaskiya kuma 115 da 130 ce. Matsakaicin Fabrairu zuwa Afrilu zai ce 98 da 98. A wannan gwaji layin ya yi nasara da nisa.

Abin da ya fi damuna yana wajen kuɗi. A D2 rubuta =C2/B2 ka ja ƙasa, ka ga nawa kowane mutum ɗaya ya ci maka: 500, 520, 550, 580, 600, 630. Mutanen ba haka kawai suka ƙaru ba, kai ne ka ninka kuɗin talla, kuma kowane sabon mutum yana zuwa da tsada fiye da na baya. Hakan na faruwa sosai idan tallan yana zagayawa kan mutane iri ɗaya a cikin birni. Ka ɗora waccan fomular a kan layin D, za ta ba ka 655, 682, 708. Ninka kowanne da yawan mutanen watansa, sai ka ga mutum 441 ɗin nan za su ci kusan naira 301,000. Idan kuma ka tsaya a 214,700 na matsakaici, a farashin 680 mutum 315 za ka samu, ba 355 ba. Nan matsakaici yake cutar da mai kasafi, domin da tsohon farashi yake lissafi.

Sai dai layin ma bai san Katsina ba. Wata shidanka sun ratsa zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da kowa ke neman abin da zai juya masa fanka da firji. Yuli zuwa Satumba damina ce, gari ya yi sanyi, kuɗin mutane da dama sun tafi gona. Da bayanin wata shida, babu yadda Excel zai raba maka ƙaruwar kasuwa da ƙaruwar bazara. Idan kana da littafin cinikin bara, duba ko ciniki ya ja baya a Agusta.

Da ni ne, farashin layin zan ɗauka, amma ba zan saki naira 301,000 a kan alkawarinsa ba. Zan ware 90,000 na Yuli kaɗai, in sa ran mutum 137. Ƙarshen wata in goge hasashen B8, in sa lambar gaskiya, in canza $B$7 da $A$7 na fomular B9 da B10 zuwa $B$8 da $A$8. Idan farashin mutum ɗaya ya haura 700 tun a Yuli, zan riƙe kuɗin Agusta a 90,000, in gwada kai tallan Daura da Jibiya kafin in ƙara ko sisi.