Kwantenar Docker da VM: wace ce ta dace da kwamfuta mai RAM 4GB?

"Salam 'yan'uwa. Na rubuta wata 'yar manhajar rajistar ɗalibai da Flask, tana aiki lafiya a kwamfutata, amma da na tura wa abokin aikina sai ta ƙi tashi. Wani ya ce in saka ta a Docker, wani ya ce VirtualBox. Ba abu ɗaya ba ne? RAM ɗina 4GB ne kawai."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba abu ɗaya ba ne, ko da yake ciwo ɗaya suke wa magani. Manhajarka ba ita kaɗai take tafiya ba: tana dogaro da Python ɗin da ke kwamfutarka da wasu tarkacen da ka girka tun tuni har ka manta da su. Ka tura wa abokinka manhajar, ka bar kayan aikinta a gida.

VirtualBox zai ƙera maka wata kwamfuta sukutum a cikin kwamfutarka, ita ce ake kira VM. Za ka yanka mata RAM, ka yanka mata wurin ajiya, ka girka mata Ubuntu daga farko, ta riƙa kunnuwa kamar yadda kowace kwamfuta ke kunnuwa. Abin da za ka miƙa wa abokinka fayil ne mai gigabayit da yawa. Idan ka ba ta 2GB daga cikin huɗun nan naka, ka san yadda ragowar za ta riƙa jan ƙafa.

Docker, wanda ya fito a 2013, ya ɗauko dabararsa ne daga kwantenar kaya. Ka duba irin wadda ake saukewa a Apapa a ɗora wa tirela zuwa Kano: an rufe ta da kayanta a ciki, direba bai damu da ko atamfa ce ko taliya ba. Amma ka lura, kwantena ba ta da inji. Sai an sami motar da za ta ɗauke ta. VM kuwa mota ce da injinta, aka ɗora ta a bayan wata motar. Duk sauran bambancin daga nan ya samo asali.

Injin da nake nufi shi ne kanel, wato ɓangaren Linux da ke magana da na'urar kai tsaye, yana raba wa manhajoji RAM da lokacin aiki. Kowace VM da nata kanel ɗin. Kwantenoni kuwa, ko goma ka tayar, kanel ɗaya suke hawa. Shi ne yake kewaye kowace da katanga don kada ta ga fayilolin wata, yana kuma iya auna mata iyakar RAM ɗin da za ta ci. Kada ka tsaya a maganata, gwada da kanka:

```
docker run --rm alpine uname -r
docker run --rm ubuntu uname -r
```

Ɗaya Alpine ce, ɗaya Ubuntu, nau'i biyu na Linux, amma lamba ɗaya za su nuna maka, domin babu mai kanel ɗin kanta a cikinsu. Shi ya sa kwantena ke tashi cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, kuma Alpine gaba ɗayanta ba ta kai megabayit 10 ba.

Ga yadda za ka shirya taka. A cikin foldar manhajar ka buɗe fayil mai suna `Dockerfile`:

```
FROM python:3.12-slim
WORKDIR /app
COPY requirements.txt .
RUN pip install -r requirements.txt
COPY . .
CMD ["python", "app.py"]
```

Layin farko ya ɗaure ka da Python 3.12, ko wane iri ne a kwamfutar abokinka bai shafe ka ba. Na uku da na huɗu suna zuba kayan aikin, na biyar ya kwaso manhajar, na ƙarshe ya faɗi abin da za a kunna. Da gangan na sa `requirements.txt` kafin sauran fayiloli. Docker yana ajiye sakamakon kowane layi, don haka idan `app.py` kaɗai ka taɓa ba zai sake sauko da komai ba. Mai sayen data da kuɗinsa ya san amfanin wannan. Sai ka gina, ka tayar:

```
docker build -t rajista .
docker run -p 8000:5000 rajista
```

Umarnin farko yana samar da abin da ake kira imej, wato akwatin a rufe, wanda ba ya canzawa. Na biyu yana tayar da kwantena daga jikinsa, ya haɗa ƙofa ta 8000 ta kwamfutarka da ta 5000 ta cikin akwatin.

A nan ne kusan kowa ke fara tuntuɓe. Za ka ga Flask ya ce ya tashi, ka buɗe `localhost:8000`, shiru. Dalili shi ne Flask yana sauraro a `127.0.0.1`, kuma a cikin kwantena wannan adireshin na nufin kwantenar ita kanta, ba kwamfutarka ba. Rufin akwatin ne ya yi aikinsa. Gyaran layi ɗaya ne, `app.run(host="0.0.0.0")`, sannan ka sake ginawa.

Tuntuɓe na biyu ya fi ciwo, kuma a nan VM ta fi sauƙin hali. VM tana riƙe duk abin da ka ajiye a cikinta kamar kowace kwamfuta. Kwantena kuwa, duk lokacin da ka buga `docker run` sabuwa fil ake tayar maka daga imej. Idan sunayen ɗaliban suna cikin fayil ɗin SQLite a cikinta, gobe za ka tarar da rajista wayam. Ba su ɓace ba tukuna: `docker ps -a` zai nuna maka tsohuwar a tsaye, `docker start` haɗe da sunanta ya tashe ta. Amma ranar da ka buga mata `docker rm`, sun tafi ke nan. Ni ma sai da na yi asarar shigarwar yini guda kafin na koyi ajiye bayanai a waje:

```
docker run -p 8000:5000 -v bayanai:/app/data rajista
```

Sai dai ka tabbatar manhajar a `/app/data` take rubuta fayil ɗin nata.

Saura maganar RAM ɗinka. Idan Linux ke kan kwamfutar, Docker ya yi wa VirtualBox fintinkau, domin kwantenar ba za ta ci fiye da abin da manhajar ke buƙata ba. Idan Windows ce, akwai abin da masu yabon Docker ba su cika faɗa ba. Tunda kwantenar Linux sai da kanel ɗin Linux, Docker Desktop yana tayar da wata 'yar VM a ɓoye ta hanyar WSL 2, wato tsarin Windows na tafiyar da Linux. Ta fi ta VirtualBox sauƙi, amma a kan 4GB za ka ji nauyinta, musamman idan Chrome na buɗe.

Akwai wani sharaɗin kuma. Idan abokinka Mac mai M1 ko M2 yake riƙe da ita, imej ɗin da ya gina na `arm64` ne, kuma yana iya ƙin tashi a kan kwamfuta mai Intel, ya ce `exec format error`. Shi ya sa na fi son ka tura masa foldar da `Dockerfile` ɗinta, kowa ya gina imej a kan kwamfutar da zai tayar da shi, maimakon ku riƙa tura wa juna imej.

Don wannan manhajar taka, Docker zan ɗauka. VirtualBox ka bar shi sai ranar da kake son Windows a cikin Linux, ko za ka buɗe wani fayil da ba ka yarda da shi ba, domin katangar VM ta fi ta kwantena kauri, tunda ba kanel ɗaya suke ci da kwamfutarka ba. Ka faɗa mana Windows ce ko Linux a kan kwamfutar, in turo maka yadda za ka girka.