Intanet na likitar ƙauye a jihar Tawa: waya, sim ko tauraro?

Kafin majo, wato shugaban likitar ƙauye, ya tambayi farashin komi, ya fara lissafa abin da likitarsa ke aikawa a wata. A yawancin likitocin karkara na Adar aikin bai wuce rahoton wata da ake shigarwa a manhajar tattara bayanan lafiya ta DHIS2 ba, da rahoton cututtukan annoba na kowane mako, da odar magani, sai hoton rauni ko na takardar gwaji da ake tura wa babban likita ta WhatsApp. Duk waɗannan ba su da nauyi. Abin da suke so shi ne layin da ba ya yankewa a tsakiyar aikawa, don haka ƙarfin aikawa ya fi ƙarfin saukewa muhimmanci, ko da yake na saukewa ne masu sayarwa ke tallatawa.

Ba zan daɗe a kan intanet na waya ba, wato wayar fiba da ake ja har cikin gini. Ya fi sauran tsayuwa, hadari da ƙura ba sa dama shi. Amma wayar fiba ta bi ta bakin kwalta ba ta nufin za a ja maka ita zuwa ɗakin awo. In likitar na cikin gari kamar Tawa ko Ƙonni, a je wajen Niger Telecom a tambaya ko layi ya iso unguwar. In tana nesa da gari, kuɗin haƙa rami da ja ya isa ya rufe zancen.

Sim ne zaɓin da ya dace da mafi yawa, amma ba a cikin salular majo ba, wadda ke tafiya da shi in ya je taro a gunduma. A sayi na'urar ruta mai cin sim, wadda ke da ramin haɗa eriyar waje. Kafin a saya, a ari sim na Airtel, Moov da Zamani a gwada kowane a harabar likitar: da safe, da bayan isha'i, da kuma ranar kasuwa, lokacin da jama'a ke danne rezo. Sandunan da ke fuskar salula ba abin dogaro ba ne. A shiga shafin rutar a duba lambar RSRP, wadda ke auna ƙarfin rezo: in ta kai -100 ko ta fi haka kusa da sifili, lafiya lau, in ta gangara ƙasa da -110, sai da eriya. Eriyar a ɗaure ta a dogon ƙarfe tana fuskantar turken kamfanin, kuma igiyarta ta zama gajera, don doguwar igiya na cinye abin da tsayi ya ƙaro. Raunin wannan hanya shi ne turken kansa: in wutarsa ta ɗauke, kai ma ka ɗauke. Shi ya sa nake cewa a ajiye sim na biyu na wani kamfani.

Tauraro kuwa na wurin da rezo bai kai ba ne, irin rugagen arewacin Abalak da Cintabaradan, ko likitar da za ta riƙa ganawa da ƙwararre a Yamai ta bidiyo. Starlink ta fara aiki a Nijar a 2025. Taurarinta na yawo a nisan wajen kilomita 500, tsofaffin faranti kuwa na magana da tauraron da ke kilomita 36,000, shi ya sa muryarsu ke jinkiri fiye da rabin daƙiƙa. Sauri kam akwai. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne wuta.

Mu ɗauki likita mai batir ɗaya na volt 12, amfiya 100. Cikinsa akwai wat-awa 1,200, amma irin batir mai gubar nan rabi kawai ake ja in ana so ya yi ƙarko, wato 600. Babban farantin Starlink na cin wat 75 zuwa 100. A bar shi awa 10, ya sha 750 ko fiye, kafin a kunna fitilar ɗakin haihuwa. Ƙaramin da ake kira Mini na cin 25 zuwa 40, wato bai wuce 400 ba. Rutar sim kuwa, mai cin wat 10 ko ƙasa, 100 ya ishe ta. Ke nan wanda ya sayi babban faranti sai ya ƙara allon sola da batir, kuma kada ya kuskura ya jona shi a wutar firjin rigakafi. In ka ga farantin na mutuwa yana tashi da magariba alhali sama garau, batir za ka tuhuma. In kuma da damina ne hadari ya haɗo, jira kawai za ka yi ya wuce.

Sai kuɗin wata. Ƙungiyar da ta kawo kayan kyauta ba lallai ta biya shekara ta biyu ba, kuma katin sim ana iya saye da jika kaɗan a shagon ƙauye, na tauraro kuwa dunƙule yake kowane wata. Kwamitin kula da likitar ya rubuta wa zai biya, da sunan wa aka buɗe asusun, kafin a buɗe kwali. Lambar sirri ma ta tsaya a hannun mutum biyu, in ba haka ba samarin gari za su cika gindin bedin likitar da dare, rahoton wata ya tarar da kati ya ƙare.